Maido da Baƙaƙen da suka Koɗe a Hoton Tsohuwar Takarda

Ɗalibin da zai juya takardar ajami zuwa boko, irin waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, galibi hoto ake ba shi, ba takardar kanta ba. A hoton zai tarar tawada ta koɗe a wani wuri, gara ta ci wani. Aikinsa kashi biyu ne, kuma ba a haɗa su: fito da tawadar da ta rage a hoto, sannan cike gurbi a rubutun boko tare da alamar da ke nuna hasashe ne.

Da farko a adana hoton asali, a yi aiki a kan kofe. Ya kamata a ɗauki hoton da launi, a 400 ko 600 dpi, a ajiye shi a TIFF. Hoton baƙi-da-fari tsantsa yana mayar da koɗaɗɗiyar tawada fari fat, JPEG kuwa yana barin ƴan dabbare-dabbare a gefen baƙaƙe masu kama da ɗigo. A GIMP sai a raba launuka:

```
Colors > Components > Decompose
```

Za a samu hotuna uku: ja, kore da shuɗi. Tawadar da ta koma ruwan ƙasa takan fi duhu a shuɗin. Jan wasali kuma yakan kusan ɓacewa a jan hoto, ya fito sosai a koren. Daga nan a ƙara duhu kaɗan-kaɗan da Levels. Kada a taɓa Clone ko Heal, domin su ɗebo launi suke daga wani wuri su liƙa, wato zane ne sabo.

A lura cewa ƙara duhu ba ya bambanta tawada da datti. Kashin ƙuda, tsatsar takarda da tawadar bayan shafi duk za su fito. Don gane ta ƙarshe, a juya hoton bayan shafin dama zuwa hagu, a ɗora shi a kan na gaba. Ɗigon da ya faɗa daidai kan wani baƙi na baya ba na wannan shafi ba ne.

Mu ɗauki misali da wasiƙa mai cewa: "Na aiko maka da shanu _ara." Baƙin farko na kalmar ƙarshe haƙori ɗaya ne, ba a ganin ɗigonsa. A ajami baƙaƙen ba, ta, ca, nun da ya duk siffarsu ɗaya a farkon kalma, ɗigo kawai ke raba su. "Shanu tara" magana ce, "shanu bara" ma magana ce, kuma idan batun bashi ne, bambancin ba ƙarami ba ne. Mai gaggawa zai rubuta tara, don bayan shanu kunne adadi yake jira.

Sai mu duba takardar. A saman haƙorin tana nan lafiya, kuma babu burbushin tawada a hotunan uku. Wannan ya fitar da ta, ca da nun, masu ɗigo a sama. A ƙasa kuwa akwai ramin gara, daidai inda ɗigon ba ko na ya zai zauna. Saura bara da yara. "Shanu yara" ba ta zauna a jimlar ba sai da "da" a tsakani, kuma babu filin da zai ɗauke ta. Akwai ƙarin hujja: bayan haƙorin ana ganin alif. Wasalin farko na bara dogo ne, na tara gajere. Sai dai wannan hujja ba ta tsayuwa ita kaɗai, domin ba duk marubuta ke kiyaye tsawon wasali ba. Dole a duba yadda wannan hannun ya yi da wasu kalmomi a shafin.

To, me za a rubuta? Ba bara kai tsaye ba, sai [b]ara. Wannan ƙa'ida ta fito daga tsarin da masana tsofaffin rubuce-rubuce suka amince da shi a Leiden a 1931: baka mai kusurwa na nufin baƙin ya ɓace, mai juyi ne ya maido shi. Inda ba a iya maidowa, a sa ɗigo gwargwadon baƙaƙen da gurbin zai ɗauka, kamar [...] don uku, bayan an auna faɗinsa da baƙaƙen marubucin. A tsarin ana sa ɗigo a ƙarƙashin baƙin da ake shakka, amma ga Hausa wannan na kawo ruɗani, saboda wasu tsofaffin littattafan boko da ɗigon ƙasa suke nuna ƙ, ɗ da ɓ. Gara a sa alamar tambaya a bayan kalmar, a faɗi haka a gabatarwa.

Da ramin ya cinye sama da ƙasa har da wurin alif, da sai a rubuta [.]ara, a kawo tara da bara duka biyu a bayanin ƙasan shafi, a bar wa mai karatu.