Shinkafar Walima Mudu Nawa Za a Dafa?

Tambayar ƙara yawan girki ba ta amsuwa sai an san abu biyu: bakin mutum nawa ainihin girkin yake ciyarwa, da kuma abin awon da ke hannun mai tambaya. Idan uwargida ta ce mudu biyu na shinkafa take dafawa, ga walima ta taso, nawa za ta ƙara, amsar farko tambaya ce: mudu biyun nan mutum nawa yake ƙosarwa, kuma nawa aka gayyata?

Lissafin ba wuya. A ce mudu 2 yana isar gida mai mutum 15, ana sa ran baƙi 60. Sittin ya ninka sha biyar sau huɗu, ke nan mudu 8. Da a ce mutum 30 ne, mudu 4 ya wadatar.

Awon ne ya fi rikitarwa. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, ga masu awo da tiya, ga masu gwangwanin madara, wata ta cika da tozo, wata ta shafe baki. Ɗan bambancin da ba a lura da shi a tukunyar gida, idan aka ninka shi sau huɗu sai ya zama abincin mutane da yawa. Dabarar ita ce a auna shinkafa da ruwa da kwano ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Ruwa kuwa ba a ninka shi cif-cif, domin wanda ke tafiya a tururi bai bin yawan shinkafa, faɗin bakin tukunya yake bi. A rage kaɗan, a ajiye ruwan zafi a gefe, in ba haka ba shinkafar ta caɓe. Gishiri ma a fara da kaɗan, a ɗanɗana.