Shin Ko Kun San? Mayar da Tsohon Shirin Python 2 Zuwa Python 3

Shin ko kun san an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu, 2020? Python 3 kuwa ya fito tun Disamba 2008, kuma da gangan aka sauya masa wasu ƙa'idoji, shi ya sa tsohon shiri yakan ƙi tashi a kansa.

Shin ko kun san kurakuran da ke tsayar da shiri su ne masu sauƙin gyara? `print "Sannu"` zai koma `print("Sannu")`, `raw_input()` kuma ya koma `input()`. Akwai manhajar da ke yin wannan da kanta:

```
2to3 -w lissafi.py
```

Sai dai an cire ta daga Python 3.13, don haka ku nemi sigar 3.12 ko wadda ta gabace ta.

Shin ko kun san babban haɗarin yana wurin rabawa, inda shirin zai ci gaba da aiki amma amsa ta sauya? A ce shirin wani shago yana ƙirga cikakkun kwalaye: kwalba 50, kowane kwali yana cin 12.

```
kwali = 50 / 12
```

Python 2 zai ce 4, domin yana zubar da ragowa idan lambobin biyu cikakku ne. Python 3 zai ce 4.166666666666667, ba tare da wani gargaɗi ba, kuma duk kuɗin da aka lissafa da wannan lamba ya karkace. `2to3` ba ta taɓa wannan layi, domin ba ta san nufin mai rubutun ba. Idan cikakkiyar lamba kuke so, ku rubuta `50 // 12`.

Shin ko kun san Python 2.7 zai iya nuna muku waɗannan wurare tun kafin ku sauya komai? Ku kunna shirin da `python2 -3 lissafi.py`, zai yi gargaɗi a kan irin wannan rabawa, amma a layukan da aikin ya bi ta kansu kawai.

Shin ko kun san `round(2.5)` ma ya sauya? Da 3.0 yake bayarwa, yanzu 2, domin idan lamba ta faɗo daidai tsakiya, Python 3 yana zaɓar wadda biyu ke rabawa.

Shin ko kun san haruffa masu lanƙwasa suna cikin lamarin? A fayil da aka ayyana tsarinsa a matsayin UTF-8, `len("ƙasa")` 5 ne a Python 2, domin ƙ tana cin gurbi biyu. A Python 3, 4 ne. Wajen buɗe fayil, ku ƙara `encoding="utf-8"`, don kada ɓ, ɗ da ƙ su rikice a Windows.

Kafin ku taɓa ko layi ɗaya, ku adana sakamakon da tsohon shirin ke fitarwa. Bayan gyara, ku ba sabon shirin bayanai iri ɗaya, ku kwatanta sakamakon biyu layi bayan layi. Duk inda lamba ta bambanta, can za ku fara bincike.