Rufi Yana Yoyo, Wa Zai Biya? Aikin Ƙwararren Shaida

A ɗauka wani mai gida a Kano ya gina bene mai rufin kankare, ya ba ɗan kwangila aikin shimfiɗa takardar kwalta mai kaurin milimita 4, irin wadda ake liƙawa da wutar gas. Damina ta biyu ke nan, sai silin ɗin falo ya jiƙe, fenti ya kumbura. Mai gida ya ce aikin ha'inci aka yi masa. Ɗan kwangila ya ce masu ɗora sola ne suka huda masa aiki. Magana ta kai kotu, lauyan mai gida ya ɗauko injiniya ya rubuta rahoto.

Asali dai kotu ba ta sauraron ra'ayin shaida, abin da ya gani ko ya ji kawai take so. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ne ya buɗe wa masu ƙwarewa ta musamman ƙofar faɗin ra'ayi. To amma gatan da nauyinsa. A shari'ar jirgin ruwa Ikarian Reefer a Ingila a 1993, alƙali Cresswell ya zayyana cewa taimakon kotu ne aikin ƙwararre, kada ya zama lauya, kuma kada ya ɓoye hujjar da ke raunana matsayinsa. Ko wa ya biya shi, haka rahoton ya kamata ya fito.

Rahoton kirki yana raba abu uku, kuma a nan ne akasarin rahotanni ke tuntuɓe.

Na farko shi ne abin da injiniyan ya gani da idonsa, ya auna da hannunsa. Ya hau rufin ranar kaza, a gaban wakilan ɓangarorin biyu. Ya yanke takardar a wurare shida, ya ɗauki hoto, ya nuna kowane wuri a taswirar rufin. A wurare huɗu, inda takarda ta hau kan 'yar'uwarta milimita 40 ne kacal, alhali umarnin kamfanin da ya ƙera ta ya ce 100. A jikin katangar da ta zagaye rufin, takardar ta tashi milimita 60, maimakon 150 da aka saba bukata. Ya toshe indararo, ya tara ruwa na awa 48 a sashen da ba sola, ruwa ya ɓullo a ƙasa. Sannan ya ƙirga ƙusoshi 12 na ƙafafun sola da suka ratsa takardar. Wannan na ƙarshe ba zai yi wa mai gida daɗi ba, amma dole ya shiga.

Na biyu shi ne abin da aka faɗa masa. Mai gida ya ce yoyon ya riga sola zuwa. Injiniya bai ga haka ba, don haka sai ya rubuta: "An shaida mini cewa yoyon ya fara kafin a ɗora sola, ban ga hoto ko wasiƙar da ke tabbatar da hakan ba." Da ya rubuta kai tsaye cewa yoyon ya fara tun da farko, ya ƙwace aikin alƙali, wanda shi kaɗai ke tantance mai gaskiya tsakanin masu jayayya.

Sai na uku, ra'ayinsa, da ke farawa da "a ganina" kuma yake jingina da awon da ya gabata. A ganinsa, mafi rinjayen dalilin yoyon gabas shi ne ƙarancin haɗin takardar, tunda ruwa ya ratsa inda babu ƙusa ko ɗaya. Na yamma kuwa, inda solar take, ba zai iya raba laifin haɗi da na ƙusa ba. Ruwa yakan yi tafiya a ƙarƙashin takardar da ba ta kama sosai ba, ya ɓullo nesa da inda ya shiga, saboda haka tabon silin ba ya nuna wurin huda. Faɗin "ba zan iya tantancewa ba" a nan ya fi kowace jimla ƙara wa rahoton daraja.

Akwai kuma batun gangara. Idan ruwa na kwanciya don rufin bai kai gangarar 1 cikin 80 ba, sai a duba wa ya zana, wa ya zuba kankaren. Mai yiwuwa ba mai liƙa takarda ba ne.

Kalmomi irin su ha'inci, sakaci da karya yarjejeniya ba su da gurbi a bakin injiniya, hukunci ne na kotu. Ranar tambayoyi, lauyan ɗan kwangila zai bi rahoton layi-layi yana cewa: "Injiniya, wannan ka gani ne, ko faɗa maka aka yi?" Wanda ya bar ƙusoshin nan 12 a waje, da hoton rufin guda ɗaya za a fara da shi.