Gyambon Ciki a Idon Kyamara: Me Ya Sa Likita Ke Gutsuro Tsoka?

A ƙasar Hausa kusan duk zafin da ya taso a ƙahon zuci sunansa olsa. Mutum zai yi shekaru yana ƙaurace wa yaji da tsami, yana shan madara da farin ruwan magani na kemis, alhali babu wanda ya taɓa ganin gyambon da ake magana a kai. Hanyar ganinsa da ido ita ce endoskofi, wato zura siririyar mesa mai kyamara da fitila a bakinta ta maƙoshi har cikin tumbi. Kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, kuma ana yin aikin a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

A ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 58, leburan gini, wanda ya saba haɗiye diklofenak kullum da yamma saboda ciwon jiki. Wata uku ke nan abinci ya daina yi masa daɗi, ya rame, bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Wannan baƙin alama ce ta jinin da ya zuba a sama ya narke kafin ya fito. Irin wannan majinyaci ba a tsayawa gwada masa magani, kyamara ake nema masa.

An ce ya kwana bai ci komai ba, domin sai tumbi ya yi aƙalla awa shida babu abinci kafin a ga bangonsa sosai. Da safe aka fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya kwanta a gefensa na hagu, aka sa masa wata roba tsakanin haƙora don kada ya ciji mesar. Wurin haɗiyewa ne kawai ke da wuya. Bayan nan likita ya hura iska tumbi ya buɗe, hoto ya fito tar a allo. Aikin gaba ɗaya bai cika wuce minti goma sha biyar ba.

Lafiyayyen tumbi ja-ja ne mai haske, yana sheƙi, da ninke-ninke a tsakiyarsa waɗanda ke miƙewa idan iska ta shiga. Can ƙasa bango ya yi sumul har zuwa wata 'yar ƙofa mai buɗewa da rufewa, wadda ke kaiwa farkon ƙaramin hanji. Idan akwai kumburi, sai a ga wurin ya yi jawur ko dabbare-dabbare, wani lokaci da 'yan ƙuje-ƙuje marasa zurfi. Gyambo kuwa rami ne na gaske wanda ya ratsa fatar ciki, gindinsa fari ko rawaya-rawaya, kamar miki a bayan ƙafa.

A tumbin magidancin nan an sami rami mai faɗin kusan santimita biyu. Nan ne likita ke tsayawa ya ƙura ido. Gyambo mara mugunta yawanci zagayayye ne, bakinsa a daidaice, gindinsa tsaf, ninke-ninken tumbi suna taruwa zuwa gare shi har su taɓa bakinsa. Wanda ake zargi da sankara bakinsa kan yi tudu da ƙulle-ƙulle, siffarsa ba tsari, ninke-ninken su yanke kafin su iso, bangon wurin ya sandare ya ƙi miƙewa. Matsalar ita ce, sankarar tumbi tana iya shigar burtu ta fito da kamannin gyambo mara laifi, har ƙwararre ya ruɗe. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce: gyambon da ke cikin tumbi a gutsuro shi a auna, ko da ya yi kyan gani.

Da ramin a farkon ƙaramin hanji yake, da labari ya sha bamban. Gyambon wannan wuri kusan bai taɓa zama sankara ba, don haka ba a cika taɓa shi ba. Abin da ake nema a nan shi ne musabbabinsa.

Gutsuro tsokar, wanda likitoci ke kira bayofsi, ba fiɗa ba ce. Ta cikin mesar ake zura wani ɗan mitsitsin hantsaki ya tsinko nama kamar ƙwayar gero, milimita biyu zuwa uku. Majinyaci ba ya jin zafinsa, domin fatar cikin tumbi ba ta jin yanka kamar fatar jiki, kuma ɗan jinin da ya fito yakan tsaya da kansa. Daga bakin gyambon ake ɗiba, ta kowace kusurwa, domin gindinsa galibi mataccen nama ne da ba zai nuna komai ba. Idan akwai zargi, akan ɗauki gutsure shida zuwa takwas, saboda guda ɗaya ko biyu na iya kuskure wurin da cutar take. Ana jefa su cikin kwalbar ruwan fomalin, a kai ɗakin gwaji, inda wani likita zai yanka su siri-siri ya duba da madubin ganin ƙwayoyin halitta. Sakamako kan ɗauki kwanaki, wani wurin har makonni.

Akwai dalili na biyu na ɗibar tsoka, kuma shi ya fi yawa: neman ƙwayar cutar da ake rubutawa H. pylori a takardar sakamako. Likitoci biyu na birnin Perth a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano cewa ita ke haddasa yawancin gyambon ciki. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa, kumburin tumbi ya kama shi cikin 'yan kwanaki, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar ta yi yawa a Najeriya da maƙwabta, galibi tun yarinta ake ɗaukar ta. Don gano ta akan sa gutsure ɗaya cikin wani sinadari rawaya. Idan tana nan sai ya rikiɗe ya koma ja. Amma omefirazol da 'yan uwansa na danne ta har gwajin ya ce babu, don haka ake so a dakatar da su mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, da sanin likita.

Kumburi ma ido kaɗai ba ya yanke masa hukunci. Tumbi na iya yin ja amma madubi ya nuna lafiya lau, ko ya yi kyau a allo alhali fatarsa ta fara sirancewa. Idan ana son tantancewa, akan ɗauki gutsure biyar: biyu a ƙasan tumbi, biyu a tsakiya, ɗaya a lanƙwasar da ke tsakaninsu.

Sakamakon magidancin ya dawo babu sankara, amma akwai ƙwayar. Aka hana shi diklofenak da sauran danginsa irin su ibufurofen da felden, aka ba shi haɗin magungunan kashe ƙwayar na mako biyu da maganin rage ruwan tsamin ciki na mako takwas. Sannan aka ce ya dawo a sake leƙawa, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓacewa, tunda zafi ya tafi ga kuma kuɗin aiki. Wannan kuskure ne mai tsada, domin maganin rage tsami na iya kwantar da zafin gyambon sankara ma, har ya ɗan rufe samansa. Duk wanda aka ga gyambo a tumbinsa aka ba shi ranar komawa bayan mako shida zuwa goma sha biyu, ya koma ko da ya ji garau. Idan ramin bai rufe ba, sai an sake gutsuro shi.