Busasshen kifi, sardin da daudawa: yadda za a raba su a tukunyar mako

A Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, kamar a Agiye da Gazawa, yawancin gidaje ba su sayen nama sai ranar kasuwa ko ranar biki. Abincin yau da kullum hatsi ne: fura da rana, tuwo da dare. Busasshen kifi, gwangwanin sardin da daudawa na iya cike wani ɓangare na gurbin nama, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wanda bai san bambancin ba yana iya kashe kuɗinsa a inda amfanin ya fi ƙanƙanta.

Abin da ake nema a cikinsu shi ne sinadarin gina jiki, wato furotin. Babban mutum mai kilo 60 yana bukatar kusan giram 50 a rana, yaro mai shekara ɗaya zuwa uku kuwa kusan giram 13. Hatsi ma yana da furotin, wajen giram 10 a cikin kowane giram 100. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira lizin, wanda jiki ke bukata don ya yi gini da sauran. Ta biyu, cikin ƙaramin yaro yana cika da kunu ko fura tun kafin ya samu abin da zai ishe shi. Kifi da wake suna da lizin mai yawa, shi ya sa ɗan kaɗan daga cikinsu ke ƙara wa tuwo daraja.

Wanne ya fi araha?

Kifin da ya bushe sosai, fiye da rabin nauyinsa furotin ne, domin ruwan ya fita. Rabin kilo na ƙananan kifi, waɗanda ake dakawa da kai da ƙaya, yana ba da kusan giram 250. Manyan kifin banda irin tarwaɗa sun fi daɗi a miya, amma idan aka cire kai da ƙaya abin da ya rage ya ragu ƙwarai.

Gwangwanin sardin na giram 125 kuwa, idan aka tsiyaye man, kifin da ke ciki bai kai giram 100 ba, kuma furotin ɗinsa wajen giram 20 ne. Ke nan rabin kilon ƙananan kifi daidai yake da gwangwani goma sha biyu. Wannan lissafi ne uwar gida za ta riƙe a kasuwa, komai hawa da saukar farashi: muddin kuɗin rabin kilon kifi bai kai kuɗin gwangwani goma sha biyu ba, kifin ya fi araha. Amfanin sardin a wani waje yake. Ba ya son wuta, ƙayarsa ta yi laushi har yaro na iya ci, kuma yana daɗewa a ajiye muddin ba a buɗe ba.

Daudawa, ta kalwa ko ta batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta furotin ne. Sai dai kaɗan ake sawa. Giram 20 a tukunya yana ba da kusan giram 7, wanda idan aka raba wa mutum shida kowa ya tashi da giram ɗaya da ɗan wani abu. Don haka daudawa ba ta maye gurbin kifi ko wake. Aikinta shi ne ta ba miya ɗanɗano, ta sa a rage dunƙulen magi da gishiri. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ga shi sardin da wasu busassun kifin da gishirinsu suke zuwa.

Misalin gida mai mutum shida

A ɗauki gida mai miji da mata da yara huɗu, ƙaramin cikinsu yana da shekara biyu. Cefanen mako: rabin kilon ƙananan kifi, gwangwanin sardin biyu, kilo ɗaya da rabi na wake, sai daudawar kwana bakwai.

Ranar da aka sayo kifin a tsince shi, a ƙara shanya shi, a ɗan gasa a tukunya ba tare da mai ba, sannan a daka a tankaɗe. A raba garin kashi huɗu. Kashi uku na miya ne, na huɗu a zuba shi a kwalba mai murfi domin ƙaramin yaro.

Litinin, Laraba da Asabar, kashi ɗaya na garin ya shiga miyar kuka, kuɓewa ko sure, tare da daudawa. Kowane kashi yana kawo kusan giram 60 a tukunya, wato giram 10 ga kowa, ban da na tuwon. Talata, Alhamis da Lahadi ranakun wake ne: shinkafa da wake, ɗan wake ko dafaffen wake, rabin kilo kowace rana, wanda ke ba kowa kusan giram 19. Juma'a sai a yi kwaɗon zogale da ƙuliƙuli.

Gwangwanin sardin bai kamata ya shiga babbar tukunya ba, domin guda ɗaya a bakin mutum shida giram uku-uku ne kawai. Ya fi amfani a buɗe ɗaya ranar Juma'a, ɗaya kuma wata safiyar da ba a hura wuta ba, a raba wa ƙananan yara biyu ko uku, ko mace mai ciki ko mai shayarwa. Garin kwalba kuwa, babban cokali ɗaya a cikin kunun yaro ko miyarsa kowace rana, a bari ya tafasa tare, yana ba shi wajen giram 3 zuwa 4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bukatarsa. Ana iya fara wannan daga wata shida, tare da ci gaba da ba da nono, idan an tankaɗe garin sosai ba ƙaya.

Inda ake samun matsala

Kifin da ya bushe da kyau yana karyewa ƙas idan aka lanƙwasa shi. Wanda ke lanƙwasuwa yana da sauran ruwa: mai saye ya biya kuɗin ruwa, kuma zai yi saurin funfuna, musamman da damina. Ƙananan ramuka da gari a gindin kwali alama ce ƙwari sun cinye naman. Akwai kuma masu fesa wa kifi maganin ƙwari don ya daɗe. Idan yana warin magani a bar shi, domin wanki ba ya fitar da maganin duka.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya lotse a bakin murfi, ko yake yoyo, a jefar da shi ba tare da an ɗanɗana ba, domin gubar da ke iya taruwa a ciki ba kullum take da wari ba. A duba kwanan watan da aka buga a jikinsa. Wanda aka buɗe a cinye shi a lokacin idan babu firji. Daudawa kuma a ajiye ta a bushe. Ƙarfin wari ɗabi'arta ce, amma danshi da funfuna alamar lalacewa ne.

Wannan tsari na rigakafi ne, ba magani ba. Yaron da ke ramewa, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya daina cin abinci, garin kifi ba zai ishe shi ba. A kai shi likita mafi kusa a auna damtsensa, tun abin bai yi nisa ba.