Kashi 15 a Fuskar Waya, Kashi 720 a Shekara

Bashin manhaja shi ne rancen da ake karɓa ta wayar hannu ba tare da jingina ko mai tsayawa ba. Mutum ya sauke manhajar, ya shigar da lambar BVN da ta asusunsa, ya ɗauki hoton fuskarsa, cikin 'yan mintoci kuɗi su shigo. Kuɗin ruwan da ake nunawa a fuskar wayar yawanci na ɗan gajeren wa'adi ne, na mako ɗaya ko biyu ko na wata guda, shi ya sa yake bayyana kamar ƙarami. Ainihin tsadarsa ba ta fitowa sai an auna shi da ma'aunin shekara, wanda da shi ne bankuna ke faɗin nasu kuɗin ruwan. Labarin da ke biye misali ne da aka tsara a kan irin sharuɗɗan da ake cin karo da su a waɗannan manhajoji a Najeriya, domin a ga yadda lissafin yake tafiya.

Wani saurayi ne mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Wata rana aka kawo masa wayoyi biyu da gilashinsu ya fashe, ga shi ba shi da kuɗin sayo sababbin gilasai, masu wayoyin kuma sun ce sai an gama aiki za su biya. Ya buɗe wata manhaja da ya sha ganin tallarta, ta ce za ta ba shi naira 20,000 na kwana 14, da kuɗin ruwa kashi 15 cikin ɗari. A ransa ya ce ai naira 3,000 ba ta kai a tsaya dogon tunani ba, ya danna amincewa. Da saƙon banki ya shigo sai ya ga naira 18,000 ce ta iso, domin an zare 2,000 tun daga tushe da sunan kuɗin hidima. Ranar da wa'adi ya cika ya mayar da 23,000 cif.

Biyan nan ya share ɗan abin da ya samu a makon, don haka washegari ya sake karɓar wani rancen a kan sharuɗɗan farko. Haka ya riƙa yi, yana biya yana sake karɓa, har sau takwas cikin mako 16. Bai taɓa makara ba, manhajar ma har tana aiko masa da saƙon yabo. Abin da ya dame shi kawai shi ne aiki yana samuwa amma kuɗi ba sa zama. Ya kai kukansa wurin baffansa, wanda ya daɗe yana riƙe da littafin ciniki na wani shagon atamfa a Kantin Kwari. Baffan ya ce masa: “Yaro, kawo mini takardar shige da ficen asusunka. Abu uku nake nema: nawa ya shigo hannunka, nawa ka mayar, kwana nawa ne a tsakani.”

Waɗannan tambayoyi uku su ne dukkan lissafin. Abin da ya shigo hannu 18,000 ne, abin da aka mayar 23,000, bambancin 5,000. Wannan 5,000 ita ce farashin rancen, ko an kira wani ɓangarenta kuɗin ruwa, wani kuɗin hidima, wani kuɗin inshora, domin duk daga aljihu ɗaya suke fita. Sai a raba 5,000 da 18,000, a sami kusan kashi 28 cikin ɗari. Tun a nan kashi 15 da aka rubuta ya kusa ninkawa, saboda an lissafa ruwan a kan 20,000 da saurayin bai taɓa riƙewa ba, sannan an ɓoye kuɗin hidima a gefe.

Mataki na biyu shi ne a mayar da wannan zuwa shekara. Kwana 365 idan aka kasa su kwana 14-14 za a sami kashi 26. Duk zagaye ɗaya yana cin 5,000, zagaye 26 ke nan za su ci naira 130,000. Wanda ya riƙe 18,000 ta wannan hanya tsawon shekara zai biya ladan da ya fi ninki bakwai na kuɗin da yake juyawa, wato kimanin kashi 720 cikin ɗari. Saurayin bai kai shekara ba, amma a mako 16 ya riga ya biya 40,000 a matsayin lada, alhali bai taɓa riƙe abin da ya wuce 18,000 na kamfanin ba. A kowace rana, har da ranakun da bai fita kasuwa ba, rancen yana cin kusan naira 357.

Wannan adadi na shekara shi ne ake rubutawa da haruffan APR a takardun rance. Akwai masu cewa ba a yi wa kamfanonin adalci ba idan aka ambaci kashi 720, tun da wanda ya ranta sau ɗaya ya biya 5,000 kawai ya rabu da su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kauce wa amfanin ma'aunin. Mai sayen gero ba ya iya sanin wanda ya fi araha tsakanin mai sayarwa da gwangwani da mai sayarwa da buhu sai ya mayar da su duka kan farashin mudu. Haka rancen kwana 14 da na wata shida ba sa kwatantuwa sai an ɗora su a kan shekara. Da aka ɗora, ga abin da ya fito: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a shekara, ana ta kukan cewa ya yi tsanani. Saurayin nan yana biyan kwatankwacin haka duk mako biyu.

Akwai dalilan da ke sa irin wannan rance ya yi tsada, kuma ya kamata a faɗe su. Babu jingina, masu karɓa su ɓace suna da yawa, kuma asararsu a kan masu biya ake ɗora ta. Ɗawainiyar tantance mai neman 20,000 ba ta ragu sosai a kan ta mai neman 200,000 ba. Sai dai waɗannan dalilai suna bayyana tsada ne kawai. Ba su halatta a rarraba farashi gida uku a nuna wa mai buƙata mafi ƙanƙanta ba. Wanda aka gaya wa gaskiyar farashi ya karɓa da idonsa a buɗe daban yake da wanda aka nuna wa 15 aka karɓi 28.

Saurayin ya yi sa'a ta fuska ɗaya: da kuɗin aikinsa yake biya. Wanda ya fi shiga uku shi ne mai cin bashi a wata manhaja don ya biya wata. A kan irin waɗannan sharuɗɗa, duk mai son 23,000 ta shigo hannunsa domin ya rufe bashin farko sai ya ɗauki nauyin mayar da kusan 29,400. Zagaye na uku ya zama kusan 37,600, na huɗu kusan 48,000. Cikin mako takwas 18,000 ta koma 48,000, ba tare da mutumin ya ƙara sayen ko ashana da kuɗin ba. Idan kuma aka makara, tara takan hau kowace rana. In tarar kashi 2 ce a kan 23,000, naira 460 ke nan kullum, kwana biyar su ƙara 2,300.

Da saurayin ya ga haka sai ya nuna wa baffansa wani tayin da ya ɗauka ya fi sauƙi: 60,000 a biya cikin wata uku, ruwa kashi 10 a wata, wato 26,000 duk ƙarshen wata. A ido kashi 120 ne a shekara. Amma duk wata ana karɓar ruwan 6,000 kamar har yanzu 60,000 ɗin tana hannunsa, alhali bayan biyan farko 40,000 ta rage na uwar kuɗi, bayan na biyu 20,000. Idan aka daidaita, kimanin 40,000 ce yake riƙe da ita a tsawon lokacin, kuma ainihin ruwan ya haura kashi 14 a wata, sama da kashi 170 a shekara. Alamar gane wannan tsari ita ce kuɗin ruwan ba ya raguwa duk da bashin yana raguwa.

Hukuma ta shiga lamarin ne galibi saboda cin mutuncin da wasu kamfanoni ke yi wa waɗanda suka makara, inda suke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum su aika wa dangi da abokai saƙon cewa ɓarawo ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rance tarar naira miliyan 10 a kan keta sirrin masu hulɗa da shi. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, ta kuma wajabta musu yin rajista, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Kamfanin Google ma yana da ƙa'ida cewa manhajar rancen da ke Play Store dole ta bayyana APR mafi girma da take caji, kuma kada ta nemi a biya bashi gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Saboda haka manhajar da ta rubuta kwana 91 a bayaninta amma ta ba da kwana 7 ko 14 bayan an shiga, ko wadda aka turo ta ta WhatsApp a ce a sauke kai tsaye, ta riga ta nuna halinta. Rajista kuma ba ta nufin araha; kamfani mai rajista ma yana iya tsawwalawa.

Ga Musulmi akwai batun riba, wadda haramcinta bai dogara da yawa ko ƙanƙantarta ba, kuma shi ne abin da baffan ya fara tunatar da ɗan nasa kafin ya ɗauki biro. Bayan lissafin, mafitar da suka samu a cikin kasuwar take. Saurayin ya biya zagaye na takwas bai sake karɓa ba. Ya roƙi dilan da yake sayen kaya a wurinsa ya riƙa ba shi gilashi bashi zuwa yamma, ya fara karɓar rabin kuɗin aiki kafin ya kwance waya, sannan ya shiga adashen naira 2,500 duk mako tare da mutum bakwai na layinsu. Wannan 2,500 daidai take da abin da manhajar ke ci a wurinsa kowane mako. Duk bayan mako takwas yana kwasar naira 20,000, kuma babu wanda ke zare ko kwabo a ciki.