An yanke kyalle, ruwan fa ya isa gida?

Ranar buɗe rijiyar burtsatse a ƙauye rana ce ta biki. A kafa rumfa, a yanke kyalle, babban baƙo ya murɗa famfo ruwa ya zubo, a tafa a watse. Ɗan kwangila ya karɓi ragowar kuɗinsa, ofishin da ya ba da aikin ya rufe fayil. A takarda aiki ya yi nasara, tunda an gama shi a kan lokaci kuma bai zarce kasafi ba. Amma ai ba don a ga tanki tsaye a kan ƙarfe aka kashe kuɗin ba. An kashe su ne don mata da yara su daina doguwar tafiya neman ruwa. Wa zai dawo bayan shekara guda ya duba ko hakan ya faru?

Wannan tambayar ce ta haifar da abin da masana gudanar da ayyuka ke kira tsarin bibiyar amfanin aiki. Takarda ce da ake rubutawa tun kafin a kafa harsashi, a fayyace amfanin da aka yi alkawari, da yadda za a auna shi, da ranakun awon, da sunan wanda zai amsa tambaya idan amfanin bai samu ba. Malaman Jami'ar Cranfield ta Birtaniya na cikin waɗanda suka fara tsara wannan dabara, bayan sun lura kamfanoni na zuba kuɗi a na'urorin kwamfuta ba tare da sun iya nuna ribar da ta fito ba. John Ward da Elizabeth Daniel sun fitar da littafi a kanta a 2006. Ana amfani da ita a aikin asibiti da hanya da makaranta, sai dai rijiya ta fi sauƙin bi daki-daki.

Mu ƙaddara wani ƙauye mai mutum 1,200, za a gina masa burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki da famfo shida. Lambobin nan na misali ne. Abu na farko shi ne a raba abin da aka gina da amfanin da ake nema. Rijiya da tanki su ne abin da aka gina, kuma ɗan kwangila zai iya miƙa su ya tafi. Amfani kuwa sai mutane sun sauya yadda suke ɗiban ruwa kafin ya bayyana. Don haka ba a rubuta “samar da ruwa ga al'umma”, domin babu mai iya auna wannan. Sai a rubuta cewa kowane mutum zai samu lita 20 a rana, wato lita 24,000 ga ƙauyen duka, kuma zuwa ɗiban ruwa da dawowa, har da tsayuwa a layi, ba zai wuce minti 30 ba. Minti 30 ɗin nan ba ƙirƙira ba ce, shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi wajen cewa gida ya samu ruwan sha gwargwadon buƙata ta farko.

Daga nan sai awon farko, kuma a ganina nan ne ayyuka da yawa ke faɗuwa tun ba a fara su ba. Kafin motar haƙa ta iso, dole a san halin da ake ciki. A zaɓi gidaje talatin daga unguwanni daban-daban, na kusa da na nesa, a bi masu ɗiban ruwa da agogo, a ƙirga jarkokin da ke shiga gida a yini. A ce an samu tafiyar na cin minti 90, kuma mutum na samun lita 9. Idan ba a rubuta wannan a lokacin ba, an yi asararsa ke nan, domin in ka tambayi mutane bayan shekara biyu, wanda ke son mai aikin zai ce da can wahala ta kai maƙura, wanda ke jin haushinsa ya ce babu abin da ya sauya. Lokacin awon ma abin lura ne. Awon da aka yi a tsakiyar bazara, rijiyoyi sun ƙafe, da wata bazarar za a gwada shi. In aka gwada shi da na damina, kowane aiki sai ya yi kama da abin al'ajabi.

Kowane amfani kuma sai an ɗora shi a wuyan mutum guda wanda zai ci gaba da zama bayan an sallami ma'aikatan aikin. Yawan ruwa da gyaran famfo na shugaban kwamitin ruwa na ƙauyen ne, tattara rahoto kuma na jami'in ruwa na ƙaramar hukuma. In aka rubuta “al'umma” a gurbin suna, ba a ɗora wa kowa ba ke nan, kuma ranar da famfo ya lalace kowa zai zuba ido yana jiran wani.

To, an buɗe rijiya, wata shida ya cika, ranar awo ta zo. Mitar da aka sa a bakin tanki ta nuna lita 15,000 a rana, wato kowane mutum na samun lita 12 da rabi, tafiya kuma na cin minti 50. An samu sauƙi, amma ba a cika alkawari ba, kuma aikin takardar shi ne ta tilasta a tambayi dalili. Sai a tarar ƙurar hunturu ta rufe farantan sola, ba wanda aka ba aikin gogewa, don haka tanki ba ya cika kafin rana ta yi sanyi. Famfo biyu cikin shida sun karye, layi ya yi tsawo, har matan unguwar nesa sun koma tsohuwar rijiyarsu. Duk wannan gyara ne na kuɗi kaɗan, matuƙar an gano shi da wuri.

Mitar nan tana tona wani asirin. In jarka mai lita 25 ana biyan naira 20, lita 15,000 jarka 600 ke nan, kuɗinsu naira 12,000 a rana. In littafin kwamiti ya nuna naira 5,000, to akwai yoyo, ko a bututu ko a hannu. Kuma daga kuɗin nan ne za a sayi sabon injin tura ruwa ranar da wannan ya ƙone.

Akwai amfanin da nake jan kunne a kansa, wato raguwar gudawa a tsakanin yara. Kowa na son rubuta shi don yana burge masu ba da kuɗi, amma ɗora shi a kan rijiya kaɗai yana da wuya. Ruwa mai tsabta na iya gurɓata a jarka ko a randa, sannan rashin masai da rashin wanke hannu na da nasu kason. In za a sa shi, a ɗauko rajistar asibitin sha-ka-tafi, a gwada damina da damina, a duba kuma ko cutar ta ragu a ƙauyen maƙwabta da ba su samu rijiya ba. In can ma ta ragu daidai da nan, ba rijiyar ce ta kawo sauƙin ba.

Takardar kirki tana ware gurbi ga illolin da aikin zai jawo. 'Yan garuwa za su rasa ciniki, kuma ruwan da ke kwanciya a gindin famfo zai tara sauro in ba a haƙa masa ramin tsanewa ba. Su ma a rubuta su, a sa musu mai kula.

Saura kuɗin awon kansa. Yawanci asusun aiki na rufewa ranar da aka miƙa shi, sai ranar bibiya ta zo babu ko na man babur. Maganinsa shi ne a ware kuɗin mita da littafin rajista da zirga-zirgar jami'i tun cikin kasafin farko, a miƙa su ga ofishin da zai gaji rijiyar, tare da ranakun dawowa a rubuce: wata shida, shekara ɗaya, sai bazarar shekara ta biyu.